Yadda ake karanta takardar lissafin magini a gano inda ƙarin kuɗi ya ɓuya

Jimillar da ke ƙasan takardar lissafin gini, wadda mutane suka fi kira istimet, tarin abin da aka rubuta ne kawai. Abin da ba a rubuta ba, da abin da aka rubuta rabi da rabi, duk ba sa cikinta, kuma mai gida ne zai biya su in aiki ya yi nisa. Shi ya sa za ka ga gini a Kano ya kai linta ya tsaya cak shekara biyu, alhali mai shi ya tanadi daidai kuɗin da aka faɗa masa tun farko.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ƙaddara gida ne mai ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki biyu, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, wato sukwaya mita 120. Magini ya kawo takarda mai shafi biyu, jimilla naira miliyan 14. Duk farashin da za a ambata a nan na misali ne don lissafi ya fito. Farashin gaske sai ka je Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako na Na'ibawa ka tambaya a ranar da kake karatun takardar. Ka tanadi biro kala biyu, da kalkuleta, da zanen gidan. In babu zane, takardar ba ta da abin da za a auna ta da shi, don haka a fara da samo zane ko da na hannu ne mai ma'auni.

Mataki na farko: fara daga ƙasan takarda

Kowa idonsa kan jimilla yake fara sauka, daga nan ya koma sama. Kai ka wuce jimillar, ka karanta abin da ke ƙarƙashinta da bayan shafi. A nan ake ajiye 'yan gajerun sharuɗɗa, sau da yawa da ƙaramin rubutu.

Abu biyu kake nema. Na ɗaya, wane irin ciniki ne? Jinga ce gaba ɗaya, kaya da kuɗin hannu duk a wuyan magini, ko kuɗin hannu ne kawai kai za ka sayo kaya? Akwai takardun da suke gauraya biyun: siminti da bulo a wuyan magini, amma a gefen layin ƙofofi da tagogi da tayil an sa `by client`. Ma'anarsa mai gida ne zai kawo, kuma ba a sa ko kwabo na waɗannan kayan cikin jimilla ba. Duk inda ka ga wannan kalma ka zagaye ta da jan biro.

Na biyu, a ina aikin ya tsaya? "Daga fandisho zuwa rufi" magana ce mai harshen damo. Wani magini yana nufin har a buga kwano, wani yana nufin har bango ya kai inda kafinta zai fara. Haka "kammalawa": a wajen wani ta haɗa da fenti da wayarin da famfo, a wajen wani filasta ce ƙarshenta. Ka sa ya rubuta aikin ƙarshe da zai yi da sunansa, misali "har buga kwano da sa indararo".

Mataki na biyu: ware layukan da ba su da adadi

Layi mai lafiya yana da abu huɗu: sunan aikin, adadi, farashin ɗaya, da jimillar layin. "Bulo inci 9, guda 1,900, kowanne naira 700" layi ne da za ka iya bincika. Amma "Aikin famfo, naira 800,000" ba ka da inda za ka kama shi. A takardun da aka buga da Turanci za ka ga an sa `L/S` ko `Sum` ko `Item` a gurbin adadi, wato kuɗi ne a dunƙule.

Dunƙulen kuɗi ba laifi ba ne a ƙananan abubuwa kamar share fili. Inda yake cizo shi ne aikin famfo da wayarin da rufi, domin ranar da aka zo aikin za a ce maka kuɗin na bututu da kuɗin hannu ne, ban da masai da kwanon wanke hannu da kan famfo. Ba kuma za ka iya musu ba, tunda takardar ba ta ce komai ba. Maganinsa a warware layin: bututu nawa, wane kauri, masai nawa, wane iri, an haɗa da tankin sama da ƙarfen da zai zauna a kai ko babu.

Akwai wasu layuka biyu da suka fi wannan haɗari, don suna kama da farashi alhali ba farashi ba ne.

Na farko shi ne `Provisional Sum`. Wannan kuɗi ne na wucin gadi da aka ajiye wa aikin da ba a san girmansa ba tukuna. In an gama za a auna abin da aka yi, a biya gaskiyar kuɗinsa, ko ya fi ko ya gaza. A ƙa'ida hanya ce mai kyau. Matsalar ita ce mai son takardarsa ta fi ta abokan takara sauƙi a nan yake rage lamba, don ya san ba a ɗaure shi da ita ba. A misalinmu an sa wa sokawe naira 400,000 a irin wannan layi. Ka tambayi girman ramin: zurfi nawa, faɗi nawa, rami ɗaya ne ko biyu, da bulo za a zagaye shi ko da kankare, murfin rodi nawa zai ci. In ka lissafa haƙa da bulo da murfi ka ga abin ya doshi naira 950,000, ka rubuta bambancin 550,000 a gefe. Fandisho ma ana yawan sa shi a haka, kuma a Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Filaye da dama a cikin gari da gefensa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ƙasa. A irin wannan fili haƙan ƙafa uku ba ya kai wa ƙasa mai ƙarfi. Kafin ka yarda da kuɗin fandisho, a haƙa ramin gwaji a kusurwa biyu na filin a ga inda ƙasar asali take, sannan ka tambayi dattawan layin abin da ke wurin a da. Su ne suka fi kowa sani, kuma tambayar kyauta ce.

Na biyu shi ne `P.C. Sum`, kuɗin da aka ware don sayen kayan da kai za ka zaɓa daga baya, irin su tayil da ƙofofi da fitilu. Takardarmu ta ce tayil naira 4,000 kowace sukwaya mita. Ranar da uwargida ta je kasuwa ta nuna wanda take so, aka ce 7,500 ne, bambancin 3,500 sau sukwaya mita 110 ya zama naira 385,000, kuma daga aljihunka. Kada ka jira ranar. Ka je kasuwa yanzu ka ce a nuna maka tayil na naira 4,000. In ka ga za ka iya zama da shi, shi ke nan. In ba za ka iya ba, gyara lambar tun yau. Ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da simintin ɗora shi da kuɗin mai ɗorawa, domin sau da yawa kuɗin saye ne zalla.

Mataki na uku: sake ƙirga abu uku da kanka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suke ja da baya suna cewa su ba injiniyoyi ba ne. Lissafin bai wuce na ɗan firamare ba. Ba sai ka ƙirga komai ba. Bulo da siminti da ciko sun isa su nuna maka ko mai takardar ya auna zane ne ko daga ka ya rubuto.

Fara da bulo. Bulon da ake bugawa tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9, don haka kusan guda 10 ne suke rufe sukwaya mita ɗaya ta bango. Ɗauki zane ka tara tsawon duk bangwaye. A gidanmu zagayen waje mita 44 ne, wato 12 da 12 da 10 da 10. A ce bangwayen ciki sun kai mita 26. Jimilla mita 70. Tsayin bango daga daɓe zuwa inda rufi zai zauna mita 3, sai ka samu sukwaya mita 210. Cire gurbin ƙofofi da tagogi, a ce 30, saura 180. Bulo 1,800 ke nan.

To ga inda ake yin tuntuɓe. Wannan lissafin na abin da ke saman ƙasa ne kawai. A cikin fandisho akwai layi huɗu na bulo, kusan santimita 90, a duk tsawon mita 70 ɗin nan. Wannan sukwaya mita 63 ne, bulo 630. Haɗa su ka samu 2,430. Ƙara biyar cikin ɗari na wanda zai fashe wajen lodi da saukewa da yanka, ka tashi da kusan 2,550. Takardar magini ta ce 1,900. Akwai giɓin bulo 650, kuma girman giɓin ya yi daidai da na fandisho, alamar an manta da shi ko an bar shi da gangan. In kuma gidan irin wanda ake ɗaga bango ya ɓoye kwano ne, kamar yadda ake yawan yi a Kano saboda iska, layi uku a zagayen mita 44 zai ƙara cin wajen bulo 300. Duba zane ka ga ko akwai shi.

Bulon da ya ɓace ba ya tafiya shi kaɗai. Kowane ɗaya yana jan kuɗin ɗora shi, da yashi, da siminti. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗora bulo inci 9 kimanin 50 in kwaɓin na kirki ne. Bulo 650 na nufin ƙarin buhu 13. A farashin misali na naira 700 kuɗin bulo da 150 kuɗin ɗorawa, bulon kaɗai ya haura naira 550,000 kafin a zo kan siminti.

Sai daɓen kankare da ake zubawa a kan ciko, wanda magina suke kira jaman fulo. Faɗin gida sau kauri shi ne yawan kankaren. Sukwaya mita 120 a kaurin inci 4, wato santimita 10, kubik mita 12 ne. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida yana cin kusan buhu huɗu da rabi a kowane kubik, jimilla wajen buhu 54. In takarda ta ce buhu 35, ɗayan biyu ne zai faru. Ko a dawo maka a tsakiyar zubi a ce siminti ya ƙare, a lokacin da ba ka da ikon cewa a dakata tunda leburori suna tsaye kwaɓi yana bushewa, ko kuma a yi shiru a zuba maka inci biyu da rabi. Na biyun ya fi muni, don ba za ka sani ba sai tayil ya fara tsagewa ko damshi ya fara hawa bango da damina. Saboda haka duk layin kankare dole ya faɗi kauri da irin kwaɓi. Layin da ya ce "kankare" kawai bai gama magana ba.

Ciko kuwa ana rubuta shi da tifa, kuma tifa ba ma'auni ba ce. Mai taya shida daban, mai taya goma daban, ko a cikin masu taya shida ma bodinsu ba ɗaya ba. Gidanmu in za a ɗaga shi santimita 45 daga ƙasa yana buƙatar kusan kubik mita 54, kuma jar ƙasa tana zama in an jiƙa ta an daddage, don haka abin da za a kawo ya fi haka. In tifar tana ɗaukar kubik biyar, ana maganar sawu goma sha biyu ko fiye. Takardar da ta ce "ciko, tifa 6" ba tare da faɗin girman tifar ba ta bar ƙofa a buɗe. Auna bodin motar da tef, tsawo sau faɗi sau zurfi, ka san abin da kake saye. Ka kuma lura da tsayin titin gabanka. In ana sa ran za a yi kwalta da kwalbati a layin, titi zai tashi, kuma gidan da bai sha ciko sosai ba zai koma rami.

In abu ukun nan sun fito daidai ko kusa, to mai takardar ya yi aikinsa, kana iya sassauta bincike a sauran. In biyu sun gaza da yawa, mayar masa da takardar gaba ɗaya ya sake aunawa.

Mataki na huɗu: sunan kaya ba tare da nau'insa ba

Wannan ba ya ƙara jimilla a takarda, amma yana ƙara ta a wurin aiki, ranar da ka ga kayan ka ce ba ka so, aka ce maka wanda kake so da ƙarin kuɗi. "Rodi" ba bayani ba ne, sai an ce mai milimita 10 ne ko 12 ko 16. Cikakken rodi mai 12 tsawonsa mita 12 ne, nauyinsa kilo goma da rabi da ɗan ɗoriya, kuma kusan guda 93 ne suke cika tan ɗaya. In an ce maka tan ɗaya ya ba da fiye da haka sosai, rodin siriri ne ko gajere. Kwano ma haka: a rubuta irinsa da kaurinsa, domin tsakanin alminiyom mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 akwai kuɗi mai yawa a rufin gida guda. Katako a faɗi girmansa, a kuma faɗi ko za a shafa masa maganin gara. Bulo a faɗi gidan bulon da za a ɗauko shi, ka je ka ɗaga ɗaya ka murza gefensa da yatsa.

Mataki na biyar: nemo abin da babu shi sam

Layin da ba a rubuta ba ba ya kiran ido. Dabarar ita ce ka ajiye takardar, ka zauna ka bi aikin a ranka daga ranar farko, kana tambayar wa zai biya kowane abu.

Ruwa shi ne na farko. Kwaɓi yana sha, bulo yana sha, kankare yana son ban ruwa na aƙalla mako guda, kuma da hunturu ko bazara bushewa take yi da sauri sai an ninka. In babu rijiya ko burtsatse a filin, tanka ce ko 'yan ga-ruwa, kullum, har a gama. Ba kasafai ake ganin wannan a takarda ba. Bayansa akwai kuɗin mota da lodi da saukewa, musamman in layin ya matse tifa ba ta shiga sai an yi dako da baro. Akwai maigadi da ɗan sito na ajiye siminti. Akwai katakon da ake kafawa a zuba linta da fila, da ƙusa, da wayar ɗaure rodi, da abin takawa in bango ya yi sama. Akwai kwashe ƙasar haƙa da ɓaraguzai. Akwai kuɗin amincewar zane a hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, da na jawo wuta da mita daga kamfanin rarraba wutar lantarki, KEDCO, waɗanda a al'ada mai gida ne yake biya, amma gara ka sani tun yanzu.

A manyan takardu ana tara irin waɗannan a layi ɗaya a sama mai suna `Preliminaries`. In akwai shi, ka ce a lissafo maka abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, don kada ka biya kuɗin maigadi a can sannan a sake karɓa a hannunka duk wata. In babu shi, rubuta naka ƙiyasin. A misalinmu mun sa naira 600,000.

Mataki na shida: kaso cikin ɗari da wa'adin farashi

Koma ƙasan takarda. Wani lokaci jimillar da aka ja wa layi biyu ba ita ce ta ƙarshe ba, a ƙarƙashinta akwai "kuɗin kula da aiki, kashi 10". Tambayar ita ce kashi goma na me: na miliyan 14, ko na duk abin da aka kashe a ƙarshe? In na biyun ne, duk ƙarin da muka gano a sama yana ƙara wa mai kula da aikin riba, kuma ba shi da dalilin hana kuɗi hawa. Gara a mayar da shi tsayayyen kuɗi.

In kamfani ne mai rajista, duba ko an sa harajin `VAT`, wanda yake kashi 7.5 tun watan Fabrairun 2020. A kan miliyan 14 ya haura naira miliyan ɗaya. Wanda zai karɓa a hannunka ya ba ka rasit mai sunan kamfani da lambar harajinsa. Kuɗin ko-ta-kwana kuma, da ake rubutawa `Contingency`, naka ne, ba na magini ba. Ya zauna a hannunka, kada a taɓa shi sai da izininka a rubuce, abin da ya rage kuma ya dawo.

Sharaɗin "farashi na iya canzawa" ba zalunci ba ne, kowa ya san yadda siminti da rodi suke motsi. Amma a ɗaure shi: a rubuta farashin siminti da rodi da kwano na ranar, a ce ƙari zai shafi waɗannan ukun ne kawai, a kan abin da ba a riga an saya ba, kuma da rasit. In ka ba da kafin alƙalami don sayen rodi, a saye shi a makon, a rufe maganarsa. Siminti ne kaɗai ba a tarawa da yawa, don yana daskarewa in ya daɗe, balle da damina.

Mataki na bakwai: fitar da jimillarka, ka koma wajen magini

Tara abin da ka rubuta a gefe. Bulo da ɗorawa kusan 550,000. Siminti buhu 32, wato 13 na bulo da 19 na daɓe, a naira 10,000 ya zama 320,000. Ƙarin ciko sawu shida a 50,000, 300,000. Sokawe 550,000, tayil 385,000, ruwa da gadi da mota 600,000. Duka sun kai kusan miliyan 2 da dubu 700. Miliyan 14 ta koma 16.7, in kuma aka ɗora kashi goma na kula da aiki a kan wannan, ta wuce miliyan 18 da dubu 300, ban da haraji da kayan da aka ce kai za ka kawo. Wannan lambar ita za ka gwada da takardun sauran magina, bayan ka yi musu irin wannan tankaɗe. Sau da yawa wanda ya ce miliyan 17 tun farko shi ne mai sauƙin.

Wajen komawa kada ka je da zargi, don yawancin giɓin nan gaggawa ce da rashin aunawa, kuma mutumin da ka kunyata ba zai yi maka aiki da daɗin rai ba. Ka ce masa, "Injiniya, na ɗan duba zanen nan, lissafina na bulo ya ba ni 2,550, naka 1,900. Don Allah mu zauna mu ga inda muka saɓa." Wanda ya san aikinsa zai ɗauko tef da biro, wataƙila ma ya nuna maka inda kai ka yi kuskure. Wanda ya ce "Alhaji, ka bar wannan, in mun fara za a gani" ya riga ya faɗa maka yadda aikin zai kasance.

Sabuwar takardar ta ɗauki adadi da nau'i a kowane layi, da jerin abin da ba ya ciki, da sharaɗin cewa babu ƙarin aiki sai an rubuta kuɗinsa kun sa hannu kafin a fara shi. Biya ya bi matakin aiki: bayan daɓe, bayan linta, bayan rufi, bayan filasta. A riƙe kashi biyar na kuɗin har rufin ya ga ruwan Agusta. Ku sa hannu a kowane shafi gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, ka kuma ɗauki hoton shafukan da waya a ranar.